"Da sauƙi" gaisuwa ce, ƙannena

Ƙannena 'yan makarantar koyon jinya, musamman ku 'ya'yan zango da za a fara tura ku aikin dare, ga abin da ya same ni a darena na farko a ɗakin mata na wani asibiti a Kumasi. Na daɗe ina riƙe da shi a raina, kuma ina ganin ku ma za ku iya faɗawa ramin da na faɗa, domin tarbiyya ɗaya muka taso da ita.

Ƙarfe 8 na dare muka karɓi aiki, za mu sauka 8 na safe. Mu uku ne: Sista mai kula da ɗakin, wadda Batoniya ce da ta tsinci Hausa a bakin marasa lafiya, da wata nas, sai ni ɗaliba. Da aka zo gado na 7, nas ɗin yamma ta karanto: dattijuwa ce daga Aboabo, ciwon suga fiye da shekara 10, an kwantar da ita saboda gyambo a ƙafa, tana shan maganin ƙwayoyin cuta har da filajil, an yi mata allurar insulin ƙarfe 6 kafin abincin dare, ba ta da wani ƙorafi. Sista ta dube ni ta ce, "Wannan mamarki ce, yarenku ɗaya. Na ba ki ita." Na ji daɗi sosai. A zatona, tunda ina jin Hausa, aikin ya zo mini da sauƙi.

Ƙarfe 10 na zo da tire. Na durƙusa na gaishe ta.

"Sannu Hajiya, yaya jiki?"

"Da sauƙi 'yata, alhamdu lillahi."

"Kin ci abinci?"

"Na taɓa."

Na ɗaura mata abin awon jini, na ƙirga bugun hannu, na tsaga yatsa na auna suga. Na'ura ta nuna 5.4. Lamba ce mai kyau, na rubuta da farin ciki. Ina cikin rubutu ta ce, a hankali, idonta na kan silin, "Kwana biyun nan bakina kamar na tsotsi ƙarfe. Ko tuwon da yarinyar nan ta kawo, ƙamshin ayoyon ma juya mini ciki yake." Na ce, "Allah sarki, Allah ya ƙara sauƙi Hajiya," ban ko ɗago kai ba, na tura tire zuwa gado na 8. Akwai gadaje da yawa a gabana, kuma na ɗauka hirar tsofaffi ce. A takarda na sa cewa ba ta da ƙorafi.

Wajen ƙarfe 2 da 'yan mintuna, ɗakin ya yi tsit, sai matar da ke gado na 6 ta kira ni da Tonanci. Ta ce maƙwabciyarta tana ta magana ita kaɗai, kuma ba irin maganarta ba ce. Na je. Hajiya ta jiƙe sharkaf da gumi, amma fatarta sanyi ƙalau, hannunta na rawa, tana kirana da sunan wata da ban sani ba. Bugun hannunta ya kai 112. Na ruga na kira Sista. Tana taɓa goshinta ta ce in kawo na'urar suga. Ta nuna 2.6.

Kun san abin da aka koya mana: da suga ya yi ƙasa da 4 a jikin mai karɓar insulin ana ɗaukar mataki, ƙasa da 3 kuwa abin ya yi tsanani, domin ƙwaƙwalwa da suga take aiki kuma ba ta da rumbun ajiya. Sista ta ɗago ta zaune, ta kira ta da ƙarfi, ta tabbatar tana amsawa kuma tana iya haɗiya. Sannan ta sa na dama sukari ƙaramin cokali huɗu a rabin kofin ruwa, muka ba ta da kaɗan-kaɗan. Ku riƙe wannan da kyau: da ta riga ta fita hayyacinta, ba a zuba mata komai a baki, domin zai iya bi ta maƙogwaron iska ya shiga huhu, sai dai ruwan gulukos ta jijiya. Ɗaya nas ɗin ta kira likita. Bayan minti 15 muka sake aunawa, 3.7. Muka ƙara mata wani kofin. Wani minti 15 ɗin, 5.1. Sai Sista ta ciro burodin da ta zo da shi don kanta ta ba ta, saboda ruwan sukari saurin hawa yake da saurin sauka, insulin ɗin kuma bai gama aikinsa ba.

Da hankalin Hajiya ya dawo, Sista ta sunkuya ta jawo kular abinci daga ƙarƙashin gado, ta buɗe. Tuwon zafi ne, cike, an gutsiri gefe ɗaya kawai. Abin da "na taɓa" take nufi ke nan. Ba ta yi mini ƙarya ba, ta taɓa ɗin.

Wajen ƙarfe 4 muna zaune a teburin nas, Sista ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Ƙarfe 10 me ta ce miki? Kada ki faɗa mini abin da kika rubuta, faɗa mini yadda ya fito daga bakinta." Na maimaita mata, har zancen ƙarfe da ayoyo. Ta ce, "To ai ta gaya miki komai." Sai ta warware mini. Filajil yakan sa ɗanɗanon ƙarfe a baki da tashin zuciya, shi ya hana ta cin abinci. Insulin ɗin da aka yi mata irin gaurayen nan ne, wani ɓangarensa yana kama aiki da wuri don abincin da za a ci, sauran kuma yana bi a hankali har tsakar dare. An auna allurar ne bisa zaton za ta ci tuwonta. Don haka 5.4 ɗin da na yi murna da ita lamba ce a kan gangara. Ga wadda ta ƙoshi, ba laifi. Ga wadda cikinta ba komai kuma allura na nan na aiki, ya kamata in sanar, a nema mata abin da za ta iya ci, a sake aunawa cikin dare maimakon a jira asuba. Na'ura ta faɗi inda suga yake a wannan minti. Inda ya nufa, Hajiya ce ta faɗa, ni kuma ina ta rubutu.

Abin da ya fi cin raina har yau shi ne ni ce mai jin yarenta. Kuma ina ganin jin yaren ne ya rufe mini kunne. Mun taso muna jin "yaya jiki, da sauƙi" a kowane gida daga Asawase har Sabon Zango. Iyayenmu ko numfashi na yi musu wuya haka za su amsa, domin haƙuri da godiyar Allah ne mutuncin babba. Mun san haka sarai a gida. Amma da muka sa kayan aiki sai mu karɓi gaisuwar mu rubuta ta a matsayin bayanin lafiya. Dattijuwa irin Hajiya ba za ta dubi yarinya sa'ar jikarta ta ce "ban iya cin abinci ba, ki taimake ni" ba. Za ta ajiye maganar ne a gefe, cikin sigar hira, ta ga ko za ki ɗauka. Idan ba ki ɗauka ba, ba za ta maimaita ba.

Daga baya ta ƙara gaya mini wani dalilin. 'Yarta ce ta tashi daga kasuwar Kejetiya, ta je gida ta tuƙa tuwon, ta shigo mota ta kawo. Tana tsaye a wurin lokacin da nas ɗin yamma ta yi tambaya. Uwa ba za ta ce ba ta ci ba a gaban 'yar da ta sha wannan wahala.

Don haka, ƙannena, ku yi gaisuwar, ba a tsallake ta. Amma bayanta ku yi tambayar da ba a amsa ta da "alhamdu lillahi". Kada ku tsaya a "kin ci?", ku ce, "Hajiya, loma nawa kika yi? Bari in ga kular." Idan da baƙi a gefen gado, ku dawo bayan sun tafi. In kun yi tambaya ku ajiye biro, ku dube ta, ku yi shiru ku ɗan jira, domin maganar gaske sau da yawa bayan shirun take fitowa, ko lokacin da kuka juya za ku tafi. Abin da ta faɗa kuma ku kai wa na gaba da ku da kalmominta. "Bakina kamar ƙarfe" yana nuna wa Sista magani takamaimai. "Ba ta jin daɗi" ba ya nuna komai.

Na san za ku ce ina lokacin yake, mutum uku a kan ɗaki guda. Gaskiya ne, ba za ku zauna da kowa ba. Amma tun wajen karɓar aiki ku sa alama a kan duk mai insulin ko maganin saukar da suga, ku tambayi me ya ci bayan allura. Ku ƙara kula da wanda ya daɗe da ciwon, domin wasunsu rawar jiki da bugun zuciyar da ke gargaɗi sun daina zuwa musu, sai dai kawai a ga sun rikice. Kada kuma ku raina kiran maƙwabciyar gado. Ita ce take kwance kusa da ita dare da rana, ta san muryarta fiye da mu. Ba don matar gado na 6 ba, da sai awon asuba zan koma wurin Hajiya.

Likita ya rage allurar dare, ya rubuta maganin tashin zuciya, ya ce a riƙa auna ta ƙarfe 2. Da gari ya waye 'yarta ta iso da koko da ƙosai. Na bari ta fita wanke kofi, sannan na jawo kujera na zauna, na ajiye takarda a cinya.

"Hajiya, yaya jiki?"

"Da sauƙi 'yata."

Na yi shiru. Ta dubi kokon, ta dube ni, ta ce, "Wannan dai zan iya sha. Ƙosan ne man ke tayar mini da zuciya. Sannan ƙafar nan, tun jiya da la'asar zafin ya hau sama, ya wuce inda aka ɗaure."

Na yaye zanen na duba. Jan ya haura idon sawu, wurin da ɗumi. Na rubuta maganar yadda ta faɗe ta, na tashi na je na kira Sista kafin mu miƙa aiki.