Wasan Hanoi: ku daina koya wa yara saurin hannu ku bar su su yi tunani

Duk wanda ke guruf-guruf ɗin iyaye na Makka da Jidda ya ga bidiyoyin da ake ta turowa kwanan nan, yaro a gaban turaku uku yana kwashe fayafayan katako da gudu, ustaz na riƙe da waya yana ƙirga sakan, iyaye kuma sai masha Allah ake ta jerowa a ƙasa. Wasu masu darasin yamma sun mayar da wasan Hanoi gasar sauri, ana haddace wa yara jerin motsin kamar karatun waƙa. Wallahi abin nan yana ƙona min rai, domin ainihin abin da wasan yake koyarwa shi suka cire suka yar.

Dokar ai ba ta da yawa, fayafayan da ke jere a turke na farko, manya a ƙasa, su ake so a mayar turke na uku gaba ɗaya, faifai ɗaya ake ɗagawa a lokaci guda, kuma babba ba ya hawa kan ƙarami. Édouard Lucas, masanin lissafi ɗan Faransa, shi ya fito da wasan a 1883, kuma tambayar da ke cikinsa ita ce motsi nawa ne mafi ƙaranci, kuma me ya sa ba za a iya yin ƙasa da haka ba.

To ku tsaya a kan babban faifan da ke can ƙasa. Kafin ya motsa dole ba komai a kansa, kuma dole turken da zai je ya zama fanko tunda ba zai hau kan kowa ba, ke nan duk sauran ba su da wajen zama sai turke ɗayan da ya rage, kuma a jere, manya a ƙasa. Wato kafin ka taɓa babban sai ka gama wannan wasan dai da faifai ɗaya ƙasa da na farko, ka ɗaga babban sau ɗaya, sannan ka sake yin wancan aikin don ka ɗora su a kansa. Shi ya sa lissafin yake ninki biyu da ƙarin ɗaya. Faifai ɗaya motsi 1, biyu 3, uku kuwa 3 da 1 da 3 ya ba ka 7, huɗu 7 da 1 da 7 ya zama 15, biyar 31, goma 1023. A taƙaice ana rubuta shi `2^n − 1`, inda n shi ne yawan fayafayan, amma yaron da aka ba shi wannan ya haddace bai san daga ina ya fito ba, an cuce shi.

Ga yadda za ka gane an cuce shi, kuma ka gwada a gida yau ko da murafan tukwane ne. Yaron ya iya na uku, ƙaramin ya fara zuwa turke na uku, matsakaicin tsakiya, ƙaramin ya hau kansa, babban ya wuce na uku, ƙaramin ya dawo na farko, matsakaicin kan babban, ƙaramin ya rufe, bakwai cif. Sai ka ƙara masa faifai ɗaya. Zai fara kamar yadda ya saba, ƙaramin zuwa na uku, hannunsa na tafiya lafiya lau har motsi na bakwai, sai ya tsaya cak yana kallo, domin ya tara ukun a kan turken da babban yake buƙata. Da fayafayai 4 ko 6 ƙaramin tsakiya yake fara zuwa, da 3 ko 5 ko 7 ne yake fara zuwa turken ƙarshe. Yaron da ya gane zancen babban faifai zai gano wannan da kansa ta hanyar lissafi daga ƙarshe zuwa farko, babban na son na uku, to ukun sai tsakiya, to biyun sai na uku, to ƙaramin sai tsakiya.

Masu cewa ai hadda ce tushen ilimi a wajenmu, hadda tana da muhallinta mai daraja amma ba nan ba ne, wa zai haddace motsi 1023? Tatsuniyar da aka haɗa wasan da ita ma ta fayafayai 64 ce, wanda ko ana motsi ɗaya duk sakan ba hutu sai an haura shekara biliyan 580. Ya ustaz, saurin hannun nan ina zai kai ɗalibinka?

Kuma abin haushin, irin wannan tunanin na rage matsala zuwa ƙaramar irinta shi ne yaran za su tarar ranar da suka fara koyon rubuta manhajar kwamfuta, wannan wasan ma na cikin misalan da aka fi fara koyar da shi da su. Muna biyan riyal ɗinmu ana ɓata musu damar.

Ni dai a ajiye agogon. A ba yaro fayafayai biyar, kafin ya taɓa ko ɗaya a tambaye shi motsi nawa zai yi kuma don me, in ya ce 31 ya kasa kawo dalili a mayar da shi kan guda biyu.