Garin neman ƙwanji na samo ƙugin ciki

Ranar da na fara zuwa gidan motsa jiki nauyina kilo 65 ne, damatsana kuwa kamar sandar tsintsiya. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne gorar da kowane ƙato ke girgizawa bayan ya ajiye ƙarfe. A girgiza, a kafa kai, a goge baki, a kalli madubi. Nan take na yanke hukunci cewa sirrin yana cikin gorar nan, ɗaga ƙarfen kuwa ado ne kawai.

Kafin mako ya zagayo na sayo ƙatuwar robar garin furotin, irin wanda ake kira wei. A jikinta akwai hoton wani bawan Allah da jijiyoyi suka yi masa rassa har wuya. Matata ta juya robar, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Maigida, shi ma da haka ya fara?" Ban tanka mata ba.

An rubuta ludayi ɗaya, wato garin giram 30, mai furotin giram 24. Ni kuwa sauri nake yi. Na ce idan ludayi ɗaya zai kai mutum nan da shekara, ai uku wata huɗu ke nan. Ruwa kuma na ga kamar raini ne ga gari mai tsada irin wannan, saboda haka da madara rabin lita nake damawa, in shanye minti ashirin kafin in fita.

Kwana biyun farko cikina ya yi ta ƙugi, na ce tsoka ce ke tsirowa. A rana ta uku koci ya sa ni tsuguno da ƙarfe a kafaɗa. Na sauka na ɗaya lafiya, na biyu lafiya. A na uku, daidai lokacin da waƙar da ake sawa ta ƙare wata ba ta fara ba, cikina ya yi jawabin da ban ba shi izini ba. Jawabi mai tsawo, har da waiwaye. Koci ya ja da baya taku uku yana duba wayarsa, wayar da ko kunnawa bai yi ba. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma da ƙarfe a wuya ko gudu ba ya yiwuwa.

Da na fito daga banɗaki, bayan zaman da ya fi motsa jikin tsawo, sai na tarar da wani dattijo a kan benci yana jirana. Gashinsa duk furfura, amma ƙirjinsa kamar ƙofa, kuma ban taɓa ganinsa da gora ba sai ta ruwa.

Ya ce, "Yaro, me ka sha?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya har da riƙe gwiwa, sannan ya tambaye ni ko na san mene ne wei. Na ce, "Baba, sinadari ne na musamman." Ya ce ruwan da ke tsatsowa ne idan ana yin cuku, shi ake tacewa a busar. Madara ce dai ta sake riga. A cikin madara kuma akwai wani sukari, laktos, wanda hanjin manya da yawa ba ya iya narkar da mai yawa a lokaci guda. Kofi ɗaya na da wajen giram 12, kuma mutane da dama suna wanyewa lafiya da shi. Ni na zuba kofi biyu, na ɗora ludayi uku na gari mai sauran laktos a ciki, sannan na je na matse cikin da ƙarfe. Abin da bai narke ba ƙwayoyin hanji suka samu suka yi biki, iskar da jama'a suka ji ita ce kiɗan bikin.

Ya karɓi biro ya juya wata takarda. Ya ce mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar furotin wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, kuma ko an zarce zuwa 2.2 ƙarin amfanin kaɗan ne. Kilo 65 sau 1.6, giram 104. Sai ya ce in lissafa masa abin da na ci jiya, ban da ƙarya.

Da safe ƙwai biyu, burodi yanka biyu da kofin madara. Ya rubuta 12, da 6, da 8, ya ce 26. Da rana shinkafa da kofin dafaffen wake: waken 15, shinkafar wajen 5. Da dare naman kaza kamar faɗin tafin hannu, giram 100, ya ba shi 30. Ya haɗa, 76. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

"Giɓinka bai kai 30 ba," in ji shi. "Ƙwai huɗu da ɗan ƙarin wake sun cike shi. Ludayi ɗaya ma ya kusa cikewa. Kai ka zuba wajen 90 a ramin 28."

Na ce to ragowar ina take tafiya, ba damtse ba? Ya nuna ƙofar da na fito. Ya ce jiki ba shi da rumbun ajiye furotin. Abin da ya wuce buƙata ƙona shi yake yi kamar kowane abinci, dattinsa ya bi fitsari, idan kuma abincin ya yi yawa gaba ɗaya tumbi ya amfana.

Abin da ya fi yi mini ciwo bai zo ba sai da ya tambayi nauyin ƙarfen da nake ɗagawa da hannu. Na ce kilo biyar. Makon jiya fa? Biyar. Ya ce tsoka ba ta girma don an ciyar da ita, sai an ba ta aikin da ya fi na jiya, sannan ta nemi abincin gyara. In riƙa ɗagawa sau 8 zuwa 12, duk ranar da 12 ta zo da sauƙi in ƙara nauyi, in rubuta a littafi, in yi barcin awa bakwai ko takwas. Ko da komai ya tafi daidai, sabon shiga ya samu rabin kilo zuwa kilo ɗaya na tsoka a wata ya gode Allah. Na tuna hoton jikin robar, na yi lissafin shekaru, na ji gwiwata ta yi sanyi.

A gaskiya bai zagi garin ba. Ya ce yana da ranarsa: ga wanda aiki ba ya barinsa zaman cin abinci, ko wanda ba ya iya cin abinci da yawa, ko mai rage ƙiba da ke son furotin ba tare da mai da yawa ba. Idan wei na damun ciki a dama da ruwa, ko a nemi wanda aka ƙara tacewa, ko na waken suya. Mai ciwon ƙoda kuwa kada ya ƙara furotin, na gari ko na tukunya, sai da sanin likita.

Yau wata huɗu ke nan. Ina ɗaga kilo goma sha biyu, nauyina 68, kuma hannun rigata ya fara sanin akwai mutum a ciki. Ludayi ɗaya nake sha da ruwa, shi ma sai ranar da na rasa abincin rana, don haka robar ta ƙi ƙarewa. Matata ta riga ta yi mata kamu, wai wake za ta zuba. Koci kuwa har gobe, in na ɗora ƙarfe a kafaɗa zan tsuguna, sai ya je ya ƙara sautin waƙa.