Kafin ka yayyanka umarni, ka san aikin ɗigo da lamba da jadawali

'Yan uwana matasa, da yawanmu ake miƙa wa doguwar takarda a ce mu gyara ta yadda jama'a za su gane, don kawai mun iya taɓa kwamfuta. Abin da ke damuna shi ne yadda muke yin gyaran. Sai mu bi jimloli muna yankawa, muna manna wa kowace ɗigo a gabanta, takarda ta yi kyan gani, mu ce mun gama. Alhali ɗigo da lamba da jadawali kowanne akwai abin da yake faɗa wa mai karatu tun kafin ya karanta kalma ɗaya. In ka zaɓi wanda bai dace ba, to ka ba shi umarnin da ba ka yi niyya ba.

Mu ɗauki takardar da ake ba uwa a asibiti idan yaronta na gudawa, wadda ke bayanin haɗa ruwan gishiri da sukari na leda, wato ORS, da ƙwayar zink. Sau da yawa bayanin yakan zo a dunƙule, haɗawa da awo da alamomin haɗari duk a cakuɗe cikin sakin layi guda. Aikinka na farko ba a kan na'ura yake ba. Ɗauki biro ka bi kowace jimla kana tambaya: wannan abin yi ne da ke jiran wani ya gabace shi, ko abin lura ne da ke tsaye da ƙafarsa, ko kuwa amsa ce da ke canzawa daga mutum zuwa mutum?

Haɗa ruwan aiki ne mai gaba da baya, don haka lamba ce tasa:

1. Ki wanke hannu da sabulu.
2. Ki auna ruwa daidai yawan da aka rubuta a jikin ledar, a mazubi mai tsabta. Kada ki rage ruwan.
3. Ki juye garin ledar gaba ɗaya a ciki.
4. Ki motsa har ya narke.

Ku lura da inda gargaɗin nan na kada a rage ruwa ya zauna. Yana cikin mataki na 2, wurin da ake aikata kuskuren. Mai bin lamba ba ya karanta takarda har ƙarshe kafin ya fara, yana karanta layi ne ya aikata, ya koma na gaba. In ka ajiye gargaɗin a ƙasan takarda, uwa za ta gan shi bayan ta riga ta zuba ledar lita ɗaya a kofi guda, gishiri ya yi yawa, kuma irin wannan haɗin na iya cutar da yaro maimakon ya taimake shi. Haka kuma kowace lamba aiki ɗaya za ta ɗauka, ta fara da kalmar aikatawa. Da zarar ka ga "sannan" ko "bayan haka" a cikin mataki, to matakai biyu ne ka cusa wuri guda, kuma na biyun ne ake tsallakewa. Wata fa'idar lamba ita ce ana iya kiranta: ma'aikaciyar lafiya za ta iya tambaya ta waya, "Hajiya, kina kan ta nawa?" Da ɗigo ba za ta iya ba.

Alamomin haɗari kuwa a nan ne nake roƙonku ku yi hattara. Yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da aka ba shi, jini a cikin kashi, zazzaɓi, jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Ko wacce aka gani ita kaɗai ta isa a garzaya asibiti. Idan ka sa musu 1 zuwa 6, ka nuna kamar hawa-hawa ne, ta farko mai sauƙi, ta shida ita ce babba, har wata uwar ta zauna jiran ta ga sauran. Waɗannan ɗigo ne ya dace da su, tare da jimla a samansu da ke cewa ƙarara: idan kin ga ko da ɗaya daga cikin waɗannan, ki kai shi asibiti nan take. Wannan jimlar ta sama ba ado ba ce. Jerin ɗigo ba ya faɗin ko "duka" ake nufi ko "ko ɗaya", kai ne za ka faɗa. Gwajin rarrabe su mai sauƙi ne: juya jerin, na ƙasa ya koma sama. In ma'ana ba ta lalace ba, ɗigo ne. In ta lalace, lamba ce.

Sai awo. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan kowace gudawa a ba yaron da bai kai shekara 2 ba mililita 50 zuwa 100, daga shekara 2 zuwa 10 kuma 100 zuwa 200. Uwa ba ta buƙatar karanta duka, layin ɗanta kawai take nema, kuma wannan shi ne aikin jadawali:

| Shekarun yaro | Ruwan ORS bayan kowace gudawa |
|---|---|
| Ƙasa da shekara 2 | mililita 50 zuwa 100 |
| Shekara 2 zuwa 10 | mililita 100 zuwa 200 |
| Sama da shekara 10 | gwargwadon abin da zai iya sha |

Shafin farko ya zama abin da mai karatu ya riga ya sani, wato shekarun ɗansa, amsa ta biyo a dama. Kada ka bar gurbi wayam, domin ba a san ko babu ake nufi ko mantuwa ka yi ba. Kuma kada kwaɗayin haɗa komai ya sa ka ƙara shafin zink a nan. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2004, zink a wata 6 yake rabuwa: miligiram 10 kullum ga jaririn da bai kai wata 6 ba, 20 ga wanda ya kai, na tsawon kwana 10 zuwa 14. Iyakarsa daban take da ta ruwan, in ka haɗa su layin "ƙasa da shekara 2" zai ɗauki awo biyu, a ba jariri na babba. Layi biyu ne kacal, rubuta su daban a ƙarƙashin nasu kanun.

Ka kuma tuna inda za a karanta. Jadawalin da ya zauna daram a Word, in ka kwafe shi zuwa WhatsApp sai shafukan su rushe, lambobi su rabu da kanunsu. A can, ko dai ka tura hotonsa, ko ka mai da kowane layi cikakkiyar jimla mai ɗauke da shekaru da awo tare.

Akwai kuma abin da bai kamata a yanka ba sam. "Idan ya yi amai, ki jira minti 10, sannan ki ci gaba da ba shi a hankali, domin abin da ya zauna a cikinsa yana amfani." Sharaɗi ne da dalili, kuma "idan" da "domin" su ke riƙe da shi. In ka farfasa shi zuwa ɗigo uku, "ki jira minti 10" zai zama umarni ga kowa, har uwar da ɗanta bai yi amai ba. Bar shi a jimlarsa. Haka maganar zubar da ragowar ruwan bayan awa 24 a haɗa sabo.

Kafin ka buga, ka ajiye tsohuwar takarda kusa da sabuwa, ka bi kowace lamba da kowane "kada" da yatsa, ka tabbata babu wanda ya faɗi a hanya. Sannan ka miƙa wa wanda bai taɓa ganin ta ba leda da ruwa da mazubi, ka ce ya haɗa, kai kuma ka ja bakinka ka yi shiru. Duk inda ya tsaya ya ɗago kai ya dube ka, yi wa wurin alama ka koma ka gyara, sannan ma'aikacin lafiya ya duba awon kafin a raba.