"Ai ya iya Hausa tun daga gida"

Wannan ita ce maganar da na fi ji daga bakin iyaye tun da na fara koyar da 'yan aji ɗaya. Kwanan baya wani uba ya zo da littafin ɗansa a hannu, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, Turanci na kawo shi ya koya. Hausa kuma ai da ita aka haife shi." Ban ga laifinsa ba. Jarrabawa da Turanci ake yin ta, takardar neman aiki ma haka, kuma yana ganin 'ya'yan maƙwabta na makarantar kuɗi suna rera waƙoƙin Turanci.

Abin da nake so iyaye su gane shi ne, ba Hausa nake koya wa yaron ba. Karatu nake koya masa, wato ya gane cewa wannan zanen da ke kan allo sauti ne, in an haɗa shi da wani sai kalma ta fito. Sau ɗaya mutum ke gano wannan sirrin a rayuwarsa. In na rubuta n, a, m, a, yaro ya haɗa "na" da "ma", sai ka ga fuskarsa ta washe, domin ya san nama, ya ci shi jiya. Kunnensa ne ya shaida masa ya karanta daidai. In kuwa kalmar baƙuwa ce, ko ya furta daidai ko ya yi kuskure duk ɗaya ne a wurinsa, sai ya koma hadda. Ga shi kuma rubutun Hausa ba ya yaudara: ba, be, bi, bo, bu, yadda ka gani haka za ka faɗa. A Turanci harafin a kaɗai yana da furuci iri-iri. Da haruffa huɗu kacal, n, a, k da m, yaro zai karanta "Nana", "kaka", "mama", "kama" tun a makonnin farko.

An gwada wannan tun da daɗewa. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma yana matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa ma sun fi su.

Amma ban kawo wa uban nan labarin Ife ba, don bai san wurin ba, kuma ba abin da ya dame shi ke nan ba. Tambayarsa na yi: da aka kai shi makarantar allo, ba sai da ya yi babbaƙu da farfaru ba kafin ya iya biya karatu shi kaɗai? Ya ce haka ne. Na ce to wannan matakin ɗansa yake. Sannan na kira yaron, na ce wa uban ya faɗi duk abin da ya ga dama in rubuta. Ya ce, "Kaka ta tafi kasuwa." Yaron bai taɓa ganin jimlar ba. Ya bi ta gaɓa-gaɓa har ƙarshe, na ce wa ya tafi kasuwa? Ya ce kaka. Uban ya yi shiru yana kallonsa.

Wannan gwajin kowane uba zai iya yi a gida. Yaron da ya haddace shafi, in ka rufe hoton ko ka nuna masa kalma daga tsakiyar layi, sai ya tsaya cak ko ya koma farko ya sake rerowa.

Sai dai mu malamai kada mu yi wa iyaye alkawarin ƙarya. Turanci ba ya zuwa da kansa don yaro ya iya karanta Hausa. Dole ne daga aji ɗaya ya riƙa jin sa kullum da baki: gaisuwa, sunayen abubuwan aji, gajerun umarni, ta yadda ranar da zai fara karanta shi kalmomin ba baƙi ba ne a kunnensa. Ranar nan kuma sai an zauna an nuna masa inda hanyoyin suka rabu, misali c ta "ciki" ba haka take fita a Turanci ba, kuma ɓ, ɗ, ƙ babu su a Turanci. Inda aka yi sakaci da wannan, yaro ya kai aji huɗu a juye masa komai zuwa Turanci dare ɗaya, iyaye su ce Hausar ce ta cuce shi.

Kuma harshen gida muke magana, ba Hausa dole ba. Akwai yarinya a ajina da aka kawo daga ruga, Fulatanci kawai take ji, ita Hausar ma baƙuwa ce gare ta. Na zaunar da ita kusa da wata mai jin harsunan biyu, kuma kalmomin da ta fara karantawa mahaifiyarta ce ta faɗa mini su a bakin ƙofar aji, na rubuta.