Zance da mai "To"

A Kantin Kwari nake neman abincina, kuma da baki nake nemansa. Mutum zai shigo sayen atamfa in sallame shi da shadda yana godiya. Amma wata yarinya a Mandawari ta nuna min iyakata.

Bayan isha'i nake zuwa, in aika yaro ya ce ana sallama da ita. Ta fito zaure, mu gaisa, daga nan kuma zance ya zama nawa ni kaɗai. In ba ta labarin kasuwa, ta ce "to". In kawo wanda ya taɓa sa wani Alhaji dariya har hularsa ta faɗi, ta ce "Allah sarki". Na tambaye ta wane launi ta fi so, don in zaɓo mata leshi, ta ce kowanne. Idonta na kan bakin hijabinta tana murzawa.

Na ga habaici ba zai kai ni ba. Ranar wata Juma'a na sha babbar riga, na gyara murya na ce, "Malama, ni fa ba hira ce ta kawo ni ba. Ina sonki, kuma da aure."

Ta yi shiru har na fara jin kukan sauro. Can ta ce, "To. Na gode."

Na gode! Kamar wadda na miƙa wa canji.

Washegari na kai ƙara wajen yayata a Gwammaja. Ko tambayar me yarinyar ta ce ba ta yi ba.

"In ka aika, tana daɗewa ba ta fito ba?"

"Tana ɗan jimawa, Yaya."

"Ta fito da ƙamshin humra?"

"Har a rigata nake tafiya da shi."

"A me kake zama?"

Sai a lokacin na tuna. Da farko tabarmar roba ce mai huji, yanzu kuwa darduma ake shimfiɗa min. Ruwan leda ma ya koma kunun aya mai sanyi, har da tambulan na gilashi.

Yaya ta ce wadda ba ta so, aike take yowa wai ta yi barci, ko ta fito ta tsaya a tsaye tana waigen ƙofa. "Kai da ake jiƙa maka aya tun safe, wace magana kuma kake nema?"

Na koma da ƙarfin gwiwa. Kafin ta fito, ƙaninta ya kawo darduma, na danƙa masa naira 200 na ce, "Abokina, ita Antin taka haka take a gida, ba ta magana?"

Yaron ya kwashe da dariya. "Anti? Ai Umma har korarta take saboda surutu. Kana tafiya take tara mu ta yi mana duk abin da ka faɗa, har da muryarka. Ran nan ma rigar Baba ta saka, ta yi mana 'ina sonki, kuma da aure'."