Jimilla Ba Ita Ce Alƙalin Talla Ba

"Tallar da ta yi nasara a jimilla, ai ita ce ta fi a kowane rukuni." Haka masu sayarwa da yawa suka ɗauka, kuma ba mamaki, tunda jimilla daga rukunonin take fitowa. Sai dai lissafi bai tilasta hakan ba.

A ɗauka an tura talla biyu, kowace ga mutum 1,000. Ta farko ta isa ga tsoffin kwastomomi 800, inda 160 suka saya, da sababbi 200, inda 4 suka saya. Ta biyu ta isa ga tsoffi 200, 50 suka saya, da sababbi 800, 40 suka saya. A jimilla ta farko ce a gaba, 164 da 90. Amma a cikin tsoffi ta biyu ta jawo kashi 25 cikin ɗari, ta farko kashi 20, a cikin sababbi kuwa kashi 5 da kashi 2.

Dalili shi ne rabon bai zo daidai ba: ta farko ta faɗa hannun waɗanda dama suka saba saye, don haka jimillarta tana auna irin mutanen da ta samu fiye da ingancinta. Kafin a kwatanta jimilla, sai a duba ko kason kowane rukuni ɗaya ne a tallan biyu.