Kashi 70 cikin ɗari na su wa?

Makon jiya wata Hajiya mai shirin buɗe ƙaramar masana'antar kunun aya na gora a Kano ta turo min silayid 38 da wasu masu binciken kasuwa suka haɗa mata. Ta ce, "Malam, don Allah ka taƙaita min su a shafi biyu, zan kai wa masu zuba jari." A silayid na tara an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kashi 70 cikin ɗari za su saya. Wannan lambar ce ta faranta mata rai, kuma a kanta take shirin karɓar kuɗin mutane.

Ni a ganina, duk wanda aka ba irin wannan aiki kada ya fara rubutu sai ya tambayi kowace lamba: mutum nawa ne a bayanki? Silayid an yi shi ne don mai bayani ya tsaya a gabansa yana cike giɓi da baki. Rahoto kuwa shi kaɗai yake tafiya, ba mai binsa ya yi ƙarin haske, don haka abin da ba a rubuta ba ya ɓace ke nan.

Na nemi ainihin takardar tambayoyin da fayil ɗin Excel. Mutum 400 ne suka amsa, gaskiya ne. Amma tambayar "za ka saya?" an yi ta ne kawai ga waɗanda suka ce suna shan abin sha na gora duk mako, su 150. A cikinsu 105 suka ce e. To 105 cikin 150 shi ne kashi 70 ɗin. Idan ka auna 105 da dukan mutum 400, kashi 26 ne. A can ƙasan silayid ɗin akwai n=150, wato yawan waɗanda aka yi wa tambayar, da ƙananan baƙaƙe, waɗanda ko da tabarau sai ka matso. Ba wanda ya yi ƙarya, amma da na kwafi lambar yadda take, da Hajiya ta ɗauka bakwai cikin kowane Kanawa goma ne ke jiran kununta.

Sai batun tazarar kuskure, wato yadda lambar bincike ke iya kauce wa gaskiya sama ko ƙasa. Akwai lissafi mai sauƙi da ake ƙiyasta ta da shi, wato 1/√n, inda n shi ne yawan waɗanda suka amsa, sai a ninka sakamakon sau 100. Mutum 400 na ba da kusan maki 5 sama ko ƙasa, 150 kuma kusan 8, don haka 70 ɗin nan yana iya zama 62, yana iya zama 78. Wani silayid ya ce mata sun fi maza sha'awa da maki 6, alhali mata 50 kacal suka amsa a binciken gaba ɗaya, tazararsu ta kai 14. Na cire wannan daga jerin sakamako, na rubuta cewa matan sun yi kaɗan a ce komai a kansu.

Abin da ya fi damuna shi ne, wannan lissafin ma ba ya aiki sai idan an zaɓo mutanen ta hanyar ƙuri'a, yadda kowa ke da damar faɗawa ciki. Su kuwa fom ɗin Google Forms suka watsa a zaurukan WhatsApp, da Turanci. Ke nan mai babbar waya da data, wanda ya yi boko, kuma ya ga damar amsawa, shi aka ji. Ɗan dakon Singa da uwargidan da ke aika yaro shago ba su ciki. Ga shi a watan azumi aka yi, cikin zafi, lokacin da kowa ke mafarkin abin sanyi. Kuma ba a ambaci farashi a tambayar ba. Mu kuwa mun san kunya: ka tambayi Bahaushe ko zai sayi kayanka, da wuya ya ce maka a'a.

Ga yadda na rubuta jimlar farko ta rahoton: "Cikin mutum 150 masu shan abin gora duk mako, 105 sun ce za su saya, ba tare da an faɗa musu farashi ba. An tattara amsoshin ta WhatsApp, da Turanci, a watan azumi, don haka ba su wakilci dukan mazauna Kano ba." Lambar da iyakokinta na haɗa su a wuri ɗaya. Ban yarda da tara irin wannan bayani a shafin ƙarshe ba, domin mai kuɗi sakin layi na farko yake karantawa ya rufe.

Daga silayid 38, sakamako uku ne suka tsira, sai shawara ɗaya: ta sa gora 200 da farashinsu a shaguna biyar bayan Sallah, ta ƙirga nawa suka fita a mako. Hajiya ta kira ni da daddare, muryarta a sanyaye, ta ce rahoton ya rage wa maganar armashi. Na ce mata, "Hajiya, kuɗin amana za ki karɓa. Gara su ji wannan daga bakinki tun yanzu." Ta ɗan yi shiru, sannan ta tambaye ni waɗanne shaguna nake ganin za ta fara da su.